Atam sun yi daidai, amma malami ya soke amsar: ina kuskuren yake?

"Malam, an ba mu MnO₄⁻ + Fe²⁺ → Mn²⁺ + Fe³⁺ a gwaji, aka ce mu daidaita shi a cikin ruwan asid. Na rubuta MnO₄⁻ + 8H⁺ + Fe²⁺ → Mn²⁺ + 4H₂O + Fe³⁺. Na ƙirga atam ɗaya bayan ɗaya, duk sun yi daidai hagu da dama, amma aka soke mini amsar. Me na yi ba daidai ba, kuma yaya ake gane adadin elektiron da za a sa?"

Ƙirgarki ta atam ba ta da matsala ko kaɗan. Manganis ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Oksijin huɗu da huɗu, haidurojin takwas da takwas, ƙarfe ɗaya da ɗaya. Abin da ba ki ƙirga ba shi ne caji. Mu duba tare. A hagu akwai −1 na famanganet, wato MnO₄⁻, da +8 na H⁺ guda takwas, da +2 na Fe²⁺, jimla +9. A dama akwai +2 na Mn²⁺ da +3 na Fe³⁺, ruwa kuwa ba shi da caji, jimla +5. Tara da biyar ba ɗaya ba ne. Ikweshan ɗinki yana cewa caji huɗu sun ɓace a tsakanin hagu da dama, caji kuwa ba ya ɓacewa, kamar yadda atam ba ya ɓacewa.

Ki riƙe wannan giɓi na huɗu a ranki, za mu dawo kansa, domin ba haka kawai ya fito huɗu ba.

A ikweshan na yau da kullum, irin na asid da bes ko na ƙonewar iskar gas, idan atam suka daidaita yawanci aiki ya ƙare, shi ya sa ɗalibai suke sabawa da ƙirga atam kaɗai. Ridoks kuwa, irin wannan da aka ba ki, ciniki ne na elektiron: wani sinadari yana bayarwa, wani yana karɓa, kuma dole abin da aka bayar ya zama daidai da abin da aka karɓa. Elektiron ba ya bayyana a cikin ikweshan na ƙarshe, sai dai sawunsa, wato caji. Dalilin raba ikweshan gida biyu ke nan: a fito da elektiron fili a gan shi, a ƙirga shi, sannan a soke shi.

Rabin famanganet, daki-daki

Ki ware kowane sinadari da abin da ya koma. Manganis ya tashi daga MnO₄⁻ ya zama Mn²⁺, ƙarfe ya tashi daga Fe²⁺ ya zama Fe³⁺. Ki manta da ƙarfen tukuna, ki fuskanci manganis shi kaɗai.

MnO₄⁻ → Mn²⁺

Farko a duba babban atam, wato wanda ba oksijin ba kuma ba haidurojin ba. A nan manganis ɗaya ne a kowane ɓangare, babu abin gyarawa. Sai oksijin: akwai huɗu a hagu, babu ko ɗaya a dama. Ana cike giɓin oksijin da ruwa, H₂O ɗaya ga kowane oksijin ɗaya, don haka 4H₂O a dama. Ruwan nan ya shigo da haidurojin takwas a dama, waɗanda babu su a hagu, sai a cike su da 8H⁺.

MnO₄⁻ + 8H⁺ → Mn²⁺ + 4H₂O

Na kan tsaya a nan in tambayi ɗalibaina: me ya ba mu izinin ƙaro ruwa da H⁺ alhali ba su cikin tambayar? Mafi yawansu sai su ce ƙa'ida ce. Ba ƙa'idar da wani ya ƙirƙira don sauƙin lissafi ba ce. Tambayar ta ce a cikin ruwan asid ake aikin, ruwan asid kuwa cike yake da H₂O da H⁺, suna nan a cikin kwalbar ko an rubuta su ko ba a rubuta ba. Kuma da gaske abin da ke faruwa ke nan: oksijin huɗun da ke manne da manganis suna rabuwa da shi ne idan H⁺ ya kama su, kowanne ya ɗauki H⁺ biyu ya zama ruwa. Wanda ya gane haka ba zai taɓa sa O₂ ko O²⁻ don cike giɓin oksijin ba, kuskuren da nake gani a kusan kowane aji. Idan kika rubuta O₂ kin ce iskar oksijin tana fita daga kwalbar, alhali babu ko kumfa ɗaya. Haka kuma OH⁻ ba shi da wurin zama a amsar da aka ce ta ruwan asid ce, domin H⁺ zai cinye shi nan take.

Har zuwa nan kin yi daidai. Inda kika tsaya ke nan, saura mataki guda, kuma shi ne zuciyar aikin.

Ki ƙirga cajin kowane ɓangare. Hagu: −1 da +8, sun ba da +7. Dama: +2. Elektiron yana da caji −1, saboda haka abin da yake iya yi kawai shi ne saukar da caji, ba ya ɗaga shi. Don haka kullum ana sa shi a ɓangaren da cajinsa ya fi girma, har sai ya sauko daidai da ɗaya ɓangaren. Daga +7 zuwa +2 tazarar biyar ce.

MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5e⁻ → Mn²⁺ + 4H₂O

Ga amsar tambayarki ta biyu: ba a cankar adadin elektiron, ba kuma lallai sai an haddace shi ba. Tazarar da ke tsakanin cajin hagu da na dama ita ce adadin. Sharaɗi ɗaya ne, kada ki ƙirga caji sai kin gama sa H⁺. Ɗalibin da ya yi gaggawa ya ƙirga tun farko zai ga −1 a hagu da +2 a dama, ya sa elektiron uku a dama, ya mayar da famanganet mai bayarwa alhali shi ne mai karɓa. Akwai wani kuskuren kuma mai kama da hankali: tunanin cewa sai kowane ɓangare ya koma sifili. A'a. Hagu +2, dama +2, ya wadatar. Daidaito ake nema, ba sifili ba.

Ina son ɗalibi ya tabbatar da wannan biyar ɗin ta wata hanya dabam, wato lambar oksideshan. A cikin MnO₄⁻ kowane oksijin −2 ne, huɗu sun ba da −8, jimlar ayon ɗin kuma −1, ke nan manganis +7 ne. Ya sauka zuwa +2, ya karɓi biyar. Hanya biyu, amsa ɗaya. Idan suka saɓa, to akwai kuskure a cikin ruwa ko H⁺, sai a koma baya tun kafin a yi nisa. Wannan dubawar ba ta cin daƙiƙa ashirin, kuma ta ceci maki mai yawa.

Rabin ƙarfe ba shi da wahala. Babu oksijin, babu haidurojin. Hagu +2, dama +3, dama ta fi girma da ɗaya:

Fe²⁺ → Fe³⁺ + e⁻

Elektiron a dama yana nufin an bayar, wannan shi ne oksideshan. Elektiron a hagu yana nufin an karɓa, wannan shi ne ridakshan. Idan kika gama rabi biyu kika ga elektiron duk a ɓangare ɗaya suke, ki tsaya, ɗayansu ba daidai ba ne, domin ba a ciniki da masu saye biyu babu mai sayarwa.

Haɗa su

Famanganet ɗaya yana buƙatar elektiron biyar, Fe²⁺ ɗaya kuma guda ɗaya tak yake iya bayarwa. Ashe sai an tara Fe²⁺ biyar kafin a biya famanganet ɗaya. A ninka rabin ƙarfe sau biyar, kowane abu da ke cikinsa, ba elektiron kaɗai ba:

5Fe²⁺ → 5Fe³⁺ + 5e⁻

A haɗa hagu da hagu, dama da dama, 5e⁻ ya soke 5e⁻:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5Fe²⁺ → Mn²⁺ + 4H₂O + 5Fe³⁺

Caji: hagu −1 da +8 da +10, jimla +17. Dama +2 da +15, jimla +17. Yanzu ki tuna giɓin nan na huɗu. A amsarki kin ba famanganet Fe²⁺ ɗaya, wato elektiron ɗaya, alhali biyar yake bi. Huɗun da suka rage su ne suka fito a matsayin bambancin +9 da +5. Da kin ƙirga caji a ɗakin gwajin, da lissafin da kansa ya gaya miki abin da ya rage.

Kada ki ɗauka wannan biyar ɗin ado ne a gaban Fe²⁺. Sau da yawa tambayar tana da kashi na biyu, lissafin taitireshan, kuma can ne kuskuren yake haihuwa. A ce 25.0 cm³ na ruwan Fe²⁺ ya cinye 20.0 cm³ na KMnO₄ mai ƙarfin 0.020 mol dm⁻³. Mol na famanganet shi ne 0.020 sau 20.0 a raba da 1000, wato 0.00040. Tunda ɗaya yana cin biyar, mol na Fe²⁺ ya zama 0.0020, a raba da 0.0250 dm³, ƙarfinsa 0.080 mol dm⁻³. Da ikweshan ɗinki za ki samu 0.016, kashi ɗaya cikin biyar na gaskiyar amsar, kuma duk abin da aka gina a kai, nauyin ƙarfe ne ko kashi nawa cikin ɗari, zai tafi a karkace.

Inda daikuromet ke kada mutane

Misalin famanganet da ƙarfe yana da kirki, domin atam ɗaya ne ke canzawa a kowane rabi, kuma ruwa da H⁺ a rabi ɗaya kawai suka fito. Masu shirya jarrabawa sun san haka, shi ya sa suke son daikuromet. Mu ɗauki gwajin da ake gane iskar SO₂ da shi, inda ruwan daikuromet mai asid yake juyawa daga ruwan goro zuwa kore:

Cr₂O₇²⁻ + SO₂ → Cr³⁺ + SO₄²⁻

Tarko na farko yana matakin da muka wuce da sauri ɗazu. Kuromiyam biyu ne a cikin Cr₂O₇²⁻, don haka dole a sa 2Cr³⁺ a dama kafin a taɓa oksijin. Bayan haka oksijin bakwai suna neman 7H₂O a dama, su kuma suna neman 14H⁺ a hagu. Caji a hagu: −2 da +14, wato +12. A dama fa? Nan ne nake ganin ɗalibai masu ƙoƙari ma suna faɗuwa. Sun sa 2 a gaban Cr³⁺, amma da suka zo ƙirga caji sai su rubuta +3. Ayon biyu ne, kowanne +3, jimla +6. Tazarar +12 da +6 shida ce:

Cr₂O₇²⁻ + 14H⁺ + 6e⁻ → 2Cr³⁺ + 7H₂O

Duk takardar da na ga 9e⁻ a wannan wurin, ba sai na karanta sauran ba na san abin da ya faru: an cire uku daga goma sha biyu maimakon shida. Wadda na ga 3e⁻ kuwa, mai ita ya bi ta lambar oksideshan, ya ga kuromiyam ya sauka daga +6 zuwa +3, ya manta cewa su biyu ne.

Rabin SO₂ yana koyar da wani abu dabam. Ɗalibai da yawa sun haddace cewa H⁺ a hagu yake, ruwa a dama, saboda haka suka gani a famanganet da daikuromet. A nan abin ya juye. SO₂ yana da oksijin biyu, SO₄²⁻ yana da huɗu, hagu ce ke da ƙarancin oksijin, can ruwa zai je. 2H₂O a hagu, 4H⁺ a dama. Cajin hagu sifili, na dama −2 da +4, wato +2, sai elektiron biyu a dama:

SO₂ + 2H₂O → SO₄²⁻ + 4H⁺ + 2e⁻

Salfa ya tashi daga +4 zuwa +6, biyu ke nan, sun dace. Shida ake nema, biyu ake bayarwa, a ninka sau uku: 3SO₂ da 6H₂O a hagu, 3SO₄²⁻ da 12H⁺ da 6e⁻ a dama. Idan aka haɗa rabi biyun, H⁺ ya fito a ɓangare biyu, 14 a hagu da 12 a dama, ruwa ma haka, 6 a hagu da 7 a dama. Abin da ya shiga ya kuma fito yadda yake bai yi aiki ba, sai a rage shi. H⁺ biyu suka saura a hagu, ruwa ɗaya a dama:

Cr₂O₇²⁻ + 2H⁺ + 3SO₂ → 2Cr³⁺ + 3SO₄²⁻ + H₂O

Oksijin goma sha uku a kowane ɓangare, haidurojin biyu da biyu, caji sifili da sifili. Wanda ya bar 14H⁺ da 12H⁺ a tsaye bai yi ƙarya ba a lissafi, amma bai gama aiki ba, kuma yana iya rasa makin layin ƙarshe.

Wani lokaci babu rabin da zai shiga cikin ɗayan ba saura, kamar famanganet mai neman biyar da SO₂ mai bayar da biyu. Sai a nemi ƙaramar lambar da dukkansu ke shiga cikinta, wato goma, a ninka na farko sau biyu, na biyu sau biyar. Ki gwada wannan da kanki. Idan kika yi daidai za ki ga wani abin mamaki: H⁺ zai ƙare a dama, guda huɗu, ruwa biyu kuma a hagu. Kada ki tsorata ki goge. Ma'anarsa ita ce aikin da kansa yana samar da asid fiye da wanda yake ci.

Idan aka ce a rubuta cikakken ikweshan

Wasu tambayoyin ba sa ba da ayon, sai su ce KMnO₄ da FeSO₄ da H₂SO₄. Ki fasa su zuwa ayon, ki ajiye 'yan kallo a gefe, wato K⁺ da SO₄²⁻, waɗanda ba su bayar ba kuma ba su karɓa ba. Ki daidaita kamar yadda muka yi, sannan ki mayar da su a ƙarshe. Akwai ɗan ƙulli guda: Fe₂(SO₄)₃ yana ɗaukar ƙarfe bibbiyu, biyar kuwa ba ta rabuwa biyu, haka K₂SO₄ yana son K⁺ biyu. Don haka sai a ninka ikweshan gaba ɗaya sau biyu tukuna:

2KMnO₄ + 8H₂SO₄ + 10FeSO₄ → K₂SO₄ + 2MnSO₄ + 5Fe₂(SO₄)₃ + 8H₂O

Hanya mafi sauri ta dubawa ita ce ƙirga SO₄ a dunƙule: goma sha takwas a hagu, a dama ɗaya da biyu da goma sha biyar. Ki lura kuma cewa SO₄²⁻ ɗan kallo ne a nan, amma a misalin SO₂ shi ne abin da aka haifa. Ba sunan ayon ke mayar da shi ɗan kallo ba, sai an duba ko ya canza.

Abin da wannan hanya ba za ta yi miki ba

Hanyar rabi-rabi tana daidaita abin da kika ba ta ne kawai. Ba ta gaya miki abin da sinadari zai koma. Idan tambaya ba ta ba da abubuwan da ke dama ba, dole ki san su da ka: famanganet a asid yana komawa Mn²⁺, daikuromet Cr³⁺, Fe²⁺ ya zama Fe³⁺, I⁻ ya zama I₂, C₂O₄²⁻ ya zama CO₂, H₂O₂ kuma idan ya gamu da famanganet ya zama O₂. Idan kika zaɓi abin da ba shi ba, hanyar za ta ba ki ikweshan mai kyan gani, atam daidai, caji daidai, na abin da bai faru ba.

A ɗakin gwaje-gwaje na fi ganin wannan a fili. Kusan kowace shekara akwai rukunin ɗaliban da ke tsoron zuba asid, su ɗiga kaɗan su fara taitireshan. Da farko komai lafiya, kowane ɗigon shunayya yana ɓacewa da zarar ya taɓa ruwan. Can sai ruwan ya fara gurɓacewa, wani gari mai ruwan ƙasa ya bayyana, su kira ni suna cewa sinadarin ya lalace. Bai lalace ba. H⁺ ne ya yi ƙaranci, ikweshan kuwa ya gaya mana takwas ake buƙata ga kowane famanganet ɗaya. Da ya rasa su sai manganis ya tsaya a MnO₂, a +4, ya karɓi elektiron uku maimakon biyar. Lissafin ɗaya-da-biyar ya rushe, babu abin yi sai a zubar a sake da asid wadatacce, har a samu ruwan hoda mai haske wanda ba ya gushewa, alamar an kai ƙarshe. Ɗaliban da abin ya taɓa faruwa da su ba sa sake ɗaukar 8H⁺ a matsayin cikon lissafi.

Daga nan ne kuma ake ciro tambayar da ke biyo baya a jarrabawa: me ya sa H₂SO₄ mai ruwa-ruwa ake amfani da shi, ba HCl ko HNO₃ ba, alhali duk H⁺ suke bayarwa? Saboda abokin tafiyar H⁺ ɗin dole ya zama ɗan kallo na gaske. Famanganet yana da ƙarfin ƙwace elektiron daga Cl⁻ ya mayar da shi iskar Cl₂, ƙarfin jansa +1.51 V ne, na kulorin +1.36 V, don haka wani kaso na famanganet zai tafi wajen cin asid ɗin, karatun biyuret ya wuce gaskiya. HNO₃ kuwa shi kansa mai karɓar elektiron ne, zai riga famanganet cin wani ɓangare na Fe²⁺, karatun ya gaza. SO₄²⁻ na asid mai ruwa-ruwa ba ya yin ko ɗaya daga cikin biyun.

Game da rabon maki, tsarin kowace hukumar jarrabawa nata ne, ba zan yi miki alƙawarin adadi ba. Abin da na saba yi idan ina duba takardun ɗalibaina shi ne in ba kowane rabi makinsa, ninkawa nata, layin ƙarshe nasa. Don haka kada ki yi aikin a gefen takarda ki kwafo amsar ƙarshe kaɗai. Ki rubuta rabi biyun a fili da elektiron ɗinsu, ki nuna lambar da kika ninka da ita, ki rubuta caji a saman kowane ayon yadda za a iya karantawa, domin Fe²⁺ da Fe³⁺ cikin rubutun gaggawa sukan zama abu ɗaya. A ƙarƙashin layin ƙarshe kuma ki sa jimlar cajin hagu da ta dama, kamar +17 da +17. Ki ɗauko takardar da aka soke miki, ki sake ta haka daga farko, sannan ki gwada Cr₂O₇²⁻ da Fe²⁺. Idan cajinki ya fito +24 a kowane ɓangare, kin kama hanya.